Rubutun Ƙarƙashin Jerin Hotuna: Abokin Tafiya Ne Ko Aku?

A makon nan zancenmu a kan wani ɗan aiki ne wanda samarinmu da 'yan matanmu ke yi kullum a wayar hannu, amma kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya suka naƙalce shi, watau rubutun da akan yi a ƙarƙashin jerin hotuna.

Domin waɗanda ba su saba ba, bari in fara da bayanin abin da ake kira jerin hotuna. A dandalin Instagram, wanda aka buɗe a shekarar 2010, da fari hoto ɗaya tak mutum kan ɗora a lokaci guda. A watan Fabrairu na 2017 sai aka ba kowa damar haɗa hotuna har goma a wuri ɗaya, mai kallo yana shafa fuskar waya da yatsa daga dama zuwa hagu, wannan ya wuce wancan ya fito. A 2024 kuma aka ɗaga adadin zuwa ashirin. Masu sana'ar sukan kira shi karosal. Ba a daɗe ba mutane suka gane cewa ba hoton biki kaɗai ake iya jerawa ba, ana iya rubuta darasi a kan kowane hoto, ya zama kamar ɗan littafi mai falle bakwai ko goma. To, a ƙasan wannan ɗan littafi akwai wani fili dabam na rubutu, wanda ke ɗaukar haruffa har 2,200. A kan abin da ya kamata a zuba a wannan fili ne muke magana.

Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne, kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ke zaune a Agege ya kawo mini wani aiki da ƙungiyarsu ta matasan unguwa ta yi, yana so in duba masa Hausar. Jerin hotuna ne mai falle bakwai a kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa. Falle na farko tambaya ce ga uwa: ɗanki yana gudawa? Na biyu ya ce haɗarin gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Na uku ya ce a wanke hannu da sabulu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya. Na huɗu ya ce a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, shafaffe. Na biyar ya ce a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali. Na shida ya ce a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, abin da ya kwana ya cika awa 24 kuma a zubar a haɗa sabo. Na bakwai ya jera alamun da ke sa a garzaya asibiti, kamar jini a bayan gida, da yawan amai, da kasa sha, da zurmawar idanu. Gaskiya aikin ya yi kyau, awon kuma shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka daɗe suna koyarwa.

Da na sauko kan rubutun ƙasa sai na ga inda gizo ke saƙa. Yaron ya fara da doguwar sallama, ya bi ta da cikakken sunan ƙungiya da takenta, sa'an nan ya shiga kwafe fallayen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba. Da ya zo kan gishiri, saboda gaggawa, sai ya rubuta cokali ɗaya, alhali kuwa hoton ya ce rabin cokali. Na tambaye shi, in uwa ta ga hoto ya ce rabi, rubutu ya ce ɗaya, wanne za ta bi? Ya yi shiru. Gishirin da ya ninka kuwa ba abin wasa ba ne ga yaron da ruwan jikinsa ya ragu, yana iya ƙara masa wahala maimakon ya sauwaƙe ta. Shi ya sa ma'aikatan lafiya kan ce a ɗanɗana haɗin, kada gishirinsa ya fi na hawaye.

Wannan ita ce illa ta farko ta maimaici. Duk abin da ka faɗa sau biyu, ka buɗe ƙofa biyu da kuskure zai iya shigowa, in kuma maganganun biyu suka saɓa, mai karatu ba shi da hanyar sanin wadda ke daidai. Illa ta biyu ita ce, mutumin da ya karanta komai a ƙasa ba shi da sauran dalilin shafa hotunan, ashe wahalar da aka sha wajen zana su ta tafi a banza. Ta uku kuma ta fi jinkirin bayyana. Wanda ya riga ya bi hotunan nan bakwai, ya sauko ƙasa yana tsammanin ƙari, ya tarar da abin da ya gama karantawa, ya koyi darasi ke nan cewa rubutunku ba shi da komai. Gobe ko da kun sa muhimmiyar sanarwa a can, ba zai buɗe ba. A fada, sanƙira yakan maimaita maganar sarki ne domin na nesa ba su ji ba. A nan kuwa kowa ya riga ya ji, wayar tana tafin hannunsa, gani kuma ya kori ji.

Mu da muka yi aikin jarida mun san wannan ka'ida tun kafin zuwan wayar hannu. In mai ɗaukar hoto ya kawo hoton mutum biyu suna musafaha, edita ba ya yarda ka rubuta a ƙasa cewa ga mutum biyu suna musafaha, domin ido ya riga ya ga haka. Abin da ake so ka faɗa shi ne su wane ne, a ina, yaushe, kuma a kan me suka gaisa. Wani masani Bafaranshe, Roland Barthes, ya yi rubutu a 1964 a kan dangantakar hoto da kalmomin da ke tare da shi, inda ya nuna cewa aikin kalmomin iri biyu ne. Ko dai su ɗaure hoton a kan ma'ana guda don kada mai kallo ya fassara shi yadda ya ga dama, ko kuwa su ɗora daga inda hoton ya tsaya su faɗi abin da ba ya cikinsa. Jerin hotuna irin na yaron nan ya riga ya ɗaure kansa, tun da akwai rubutu a jikin kowane falle. Saboda haka aikin da ya rage wa rubutun ƙasa shi ne ɗorawa.

To, yaya ake gane abin da za a ɗora? Ga yadda muka yi da yaron. Na ce masa ya ajiye rubutunsa a gefe, ya miƙa wa matar maƙwabcinmu wayar, mai goyo ce, ta bi hotunan kaɗai ba tare da kowa ya ce mata uffan ba. Da ta gama sai ta ɗago kai ta yi tambaya uku. Ta ce ita ba ta da abin awon lita a gida, da me za ta auna? Ta ce a kemis an taɓa sayar mata da wani ƙulli na wannan aiki, shin shi ya fi ko haɗin gida? Sa'an nan ta ce, wa ya gaya muku wannan awo, likita ne ko ku kuka ƙaga? Na ce wa yaron, ka ji rubutunka ke nan, ta riga ta shifta maka shi. Tambayoyin da hotuna suka bari a bakin mai karatu su ne kayan da ake gina rubutun ƙasa da su. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake rubuta shi bayan an gama hotuna, domin kafin nan ba ka san giɓin da suka bari ba.

Daga nan muka koma kan layin farko, wanda ya fi kowane layi tsada. Instagram ba ya nuna rubutun duka ga mai wucewa. Yakan nuna ɗan somin-taɓi ne, abin da masu sana'ar kan ƙiyasta da haruffa kamar 125, wani lokaci ma ƙasa da haka gwargwadon faɗin waya, sa'an nan ya yanke ya sa kalmar "more", sai wanda ya taɓa ta zai ga saura. Doguwar sallamar da yaron ya fara da ita, in aka ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ta haura haruffa 50, sunan ƙungiya kuma ya cinye ragowar. Ke nan mai wucewa bai ga ko kalma ɗaya da ta shafi ɗansa ba. Ba cewa na yi a daina gaisuwa ba, mu ba mutanen da ke faɗa wa juna magana ba sallama ba ne. Amma gajeruwar gaisuwa ta wadatar, sunan ƙungiya kuwa yana nan a saman hoton, ba ya bukatar a sake shi.

Akwai wani abu kuma game da layin farko da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A shekarar 2024 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana cewa in mutum ya ga jerin hotuna ya wuce bai shafa ba, sau da yawa sukan sake nuna masa shi, amma a wannan karon daga falle na biyu. Ma'anar wannan ga marubuci ita ce, layinka na farko ba a ƙarƙashin falle na ɗaya kaɗai zai zauna ba. In ka rubuta shi a matsayin amsar tambayar da ke falle na ɗaya, ranar da ya fito a ƙarƙashin na biyu zai zama amsa ba tambaya. Dole ne ya iya tsayawa da ƙafarsa ko a ƙarƙashin wane falle ya sami kansa.

Ga abin da muka rubuta a ƙarshe. Layin farko ya ce: "Ba ki da ma'aunin lita a gida? Ruwan leda guda biyu, masu rabin lita, sun isa haɗin da ke cikin hotunan nan." Bai kai haruffa 110 ba, ya amsa tambayar matar ta farko, ya kuma tura mai karatu zuwa hotuna domin ya ga haɗin. Bayan mun bar tazara sai muka ci gaba: "Idan yaro yana gudawa, ƙullin da ake sayarwa a kemis, wanda aka rubuta ORS a jikinsa, shi ya fi, sai a bi awon ruwan da ke jikin takardarsa. Ruwan gishiri da sukari na gida na lokacin da ba a sami ƙullin ba ne. Ki tambayi ma'aikacin lafiya game da ƙwayar zink, wadda akan ba yaro kwana 10 zuwa 14." Sakin layi na uku ya ce: "Awon da ke cikin hotunan na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu kuma ta duba shi kafin mu ɗora. Kada ki rufe sai kin ga falle na bakwai." Muka rufe da roƙo guda: "Ki tura wa wata mai goyo da kika sani." Kafin ya ɗora kuwa na sa shi ya kai wa ma'aikaciyar jinyar ta duba da gaske, domin ba a rubuta shaidar da ba a yi ba.

Mai karatu zai lura cewa a cikin wannan rubutu babu cokalin sukari, babu na gishiri. Awon yana wuri ɗaya tak, a jikin hotuna, ba shi da abokin jayayya. Alamun haɗari ma ba mu sake jera su ba, nuni muka yi da yatsa zuwa falle na bakwai, domin mutane da yawa sukan gaji su tsaya a na uku ko na huɗu. Nuni da maimaici ba ɗaya ba ne. Mai nuni yana gaya maka inda kaya suke da dalilin da zai sa ka je, mai maimaici kuwa kwaso kayan yake yi ya zube maka a gaba. Roƙon ma guda ɗaya muka yi da gangan. Yaron ya so ya ce a so, a adana, a tura, a yi sharhi, a bi shafinsu. Na ce masa wanda aka aika kasuwa da saƙo biyar a tsaye, da wuya ya dawo da ɗaya. Tun da manufar aikin ita ce ya isa ga iyaye mata, turawa ita ce abin roƙo.

Sai dai fa a yi hattara, kada gudun maimaici ya sa a kwashe muhimmin abu daga hotuna a ɓoye shi a ƙasa. Mun san halinmu, in abu ya burge mutum sai ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya jefa a zauren WhatsApp na dangi, daga nan ya shiga duniya. Falle yakan yi wannan tafiya shi kaɗai, rubutun ƙasa ba ya binsa. Saboda haka duk abin da rashinsa zai iya cutar da mutum, a jikin hoto ya kamata ya zauna. Da a ce yaron ya bar alamun haɗari a rubutun ƙasa kaɗai, da na ce ya koma ya zana musu falle. Har ma na ba shi shawara ya haɗa awon ruwa da na sukari da na gishiri a falle guda, don kada wani ya tura na sukari ya bar na gishiri.

Ta ɗaya gefen kuma, akwai abin da ya fi dacewa da ƙasa saboda yana sauyawa. Rubutun ƙasa ana iya gyara shi ko bayan an ɗora, amma kalmar da aka zana a jikin hoto ta zauna ke nan, sai dai a cire hoton. Wannan ya shafi 'yan kasuwa ƙwarai. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta da ta rubuta farashi a jikin hoto, bayan wata uku kaya sun tashi, sai ta wayi gari tana rigima da mai saye da ke riƙe da tsohon hoto. In da a ƙasa ta sa farashin tare da kwanan wata, gyaran minti ɗaya ne. Haka ranar taro, da wurin da za a yi shi, da adadin kayan da suka rage. Abin da ba ya sauyawa a ba hoto, abin da ke sauyawa a ba rubutu.

Akwai wuri biyu da maimaici ke da hujja, kada a ce ban faɗa ba. Na farko shi ne sunan abin da ake magana a kai. A rubutunmu mun sake ambaton gudawa da ruwan gishiri da sukari ko da yake suna jikin hotuna, domin masu nema da kalmomi suke nema, kalmar da aka buga a fili kuma ta fi wadda aka zana a jikin hoto sauƙin samuwa. Ambaton suna sau ɗaya a cikin jimla mai ɗauke da sabon bayani ya isa. Na biyu shi ne saboda makafi da masu raunin gani, waɗanda waya ke karanta musu rubutu da murya. Su kam suna bukatar abin da ke jikin kowane falle a rubuce. Amma Instagram ya tanadar wa wannan bukata wuri nata tun 2018, wanda ake kira "Alt text", kowane hoto da nasa. Can ne ya kamata a kwafe kalmomin fallen daidai da daidai, a sake dubawa sau biyu, musamman inda akwai awo.

Kafin in rufe, ga gwajin da na bar wa yaron, wanda kowa zai iya yi kafin ya ɗora aikinsa. Ka ɗauki rubutunka jimla-jimla, kowace ka tambayi kanka ko akwai fallen da ya riga ya faɗe ta. In akwai, ka soke ta, ko kuwa ka mai da ita nuni. Sa'an nan ka rufe hotunan ka karanta abin da ya saura. In ka ji ka ƙoshi, ba ka da sha'awar ganin hotuna, to rubutun ya cinye aikinsu. In kuma ka rufe rubutun ka bi hotuna kaɗai ka ga mutum zai iya cutuwa ko ya ɓata, to hotunan ne ke da giɓi. Bayan an ɗora ma akwai alama. In mutum uku ko huɗu suka yi tambaya iri ɗaya a ƙasa, kada ka tsaya amsa musu ɗai-ɗai kawai, ka koma ka sa amsar a cikin rubutun, tun da ana iya gyara shi.

Da muka yi wa tsohon rubutun yaron wannan gwaji, jimla biyu ce kaɗai ta tsira, gaisuwa da sunan ƙungiya. Ya yi dariya ya ce ashe tuwo ya tuƙa ya kawo wa mutane da miyar tuwo. Na ce ai gara da aka gano tun a gida, kafin wata baiwar Allah ta auna wa jaririnta cokali guda na gishiri da sunan bin umarninku.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.